Hanya ɗaya ce, zuwa da dawowa: yadda asid ke haɗa esta da yadda yake warware ta

Duk shekara idan na zauna gyaran takardun ɗalibaina a nan Katsina, kuskure guda nake tararwa a kan wannan darasi. Ɗalibi zai haddace makanizim, wato matakan haɗa esta, sinadarin da asid da alkohol ke bayarwa idan suka haɗu, ya koma ya haddace na warware ta da ruwa, kamar karatu biyu ne daban. Ranar jarrabawa sai su cakuɗe masa. Alhali abu ɗaya ne. Wanda ya san hanyar Katsina zuwa Daura ba ya neman a koya masa hanyar Daura zuwa Katsina, kuma ko ta ina ya taso sai ya ratsa Mashi. Mashin wannan tafiya shi ne abin da littattafai ke kira matsakaicin tetirahidiral. Ni zango nake ce masa a aji, haka kuma zan riƙa kiransa a nan.

Misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe: asid asetik, wanda ke sa ruwan kal tsami, da etanol. Su ne ke ba da estar da ake kira etil asetet, mai ƙamshin nan na ruwan goge jan farce.

```
CH3COOH + CH3CH2OH ⇌ CH3COOCH2CH3 + H2O
```

Emil Fischer da Arthur Speier ne suka bayyana wannan hanya ta dafa asid da alkohol tare da ɗan asid mai ƙarfi a 1895, shi ya sa ake kiranta da sunan Fischer.

Kafin ka ɗauki biro, riƙe ƙa'idoji biyu. Ta farko, kibiya daga inda ilektoron suke take tashi, ta nufi inda ake buƙatarsu. Ba ta taɓa tashi daga H⁺, don ba shi da ilektoron ko ɗaya da zai bayar. Ta biyu, muna cikin asid ne, saboda haka duk abin da za ka zana ko dai yana da caji + ko ba shi da caji sam. Da zarar ka ga ka rubuta HO⁻ ko CH3CH2O⁻ a takardarka, tsaya, ka saki hanya. Irin waɗannan ba sa rayuwa a cikin asid mai ƙarfi, kamar yadda garwashi ba ya kwana a randa.

Tafiya zuwa zango

Mataki na farko shi ne ɗora furoton, wato H⁺. Asid asetik yana da oksijin biyu: na C=O, wato na kabonil, da na OH. Furoton a kan na kabonil yake sauka. Zana kibiya daga tagwayen ilektoron da ke zaune a kan wannan oksijin zuwa H. A gaskiya furoton ba ya yawo shi kaɗai a cikin tulun, yana maƙale ne a jikin etanol a matsayin CH3CH2OH2⁺, daga nan ake karɓo shi.

```
CH3C(=O)OH + H+ ⇌ CH3C(OH)2+
```

Wata ɗaliba ta taɓa tsayar da ni a nan. Ta ce, “Malam, mi ya sa ba za a ɗora shi bisa OH ɗin ba, tunda shi ne zai fita a matsayin ruwa?” Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana wajen rabon kaya. Idan furoton ya sauka a kan oksijin na kabonil, cajin + ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana rabuwa tsakanin oksijin ɗin nan biyu da kabon da ke tsakiyarsu, kuma za ka iya zana siffofi uku na rezonans da ke nuna haka. Idan kuwa ya sauka a kan OH, oksijin ɗaya ne zai ɗauki kayan duka, ga shi kuma yana maƙwabtaka da kabon da dama can yake ƙishin ilektoron. Kayan da mutum uku suka kama ya fi sauƙin ɗauka. Furoton yakan taɓa OH ɗin jefi-jefi, amma ba ta nan aikin yake bi ba.

Amfanin wannan mataki shi ne ya ƙara wa kabon na kabonil ƙishi. Etanol ba shi da zafin kai hari. Idan ka zuba shi da asid asetik ba tare da asid mai ƙarfi ba, za ka daɗe kana jira kafin su kai daidaito. Furoton ɗin ne ke buɗe masa ƙofa.

Mataki na biyu shi ne harin. Kibiya biyu ake zanawa tare: ɗaya daga tagwayen ilektoron na oksijin ɗin etanol zuwa kabon na kabonil, ɗaya kuma daga ɗauri na biyu na C=O zuwa kan oksijin ɗinsa. Idan ka manta kibiya ta biyu, ka ba kabon ɗauri biyar, abin da ba ya yiwuwa. Oksijin ɗin etanol yanzu yana da ɗauri uku, saboda haka cajin + ya koma kansa.

Mataki na uku gajere ne. Wani molekul na etanol da ke kusa ya zare furoton ɗin da ke kan wannan oksijin. Mun iso zango:

```
CH3C(OH)2(OCH2CH3)
```

A nan ya kamata ka dakata ka dubi abin da ke gabanka. Kafin harin, kabon na kabonil shimfiɗe yake kamar faifai, abubuwa uku na kewaye da shi, tsakanin kowane biyu kusurwar digiri 120. Yanzu abubuwa huɗu ne a jikinsa: CH3, OH, wani OH, da OCH2CH3. Kusurwar ta matse zuwa wajen digiri 109.5. Don ka ga siffar, tuna murhu: duwatsu uku a ƙasa, tukunya a sama, kabon kuma yana tsakiya inda wuta take. A harshen littafi an ce kabon ya tashi daga sp² ya koma sp³.

Wannan matsewa ita ce ke bayyana wani abu da ake gani a ɗakin gwaji. Harin nan da ke kai wa ga zango shi ne yawanci mataki mafi nauyi a tafiyar, kuma idan alkohol ɗin mai rassa ne, samun wurin tsayawa a murhun yana yi masa wuya. Shi ya sa metanol ya fi etanol sauri, etanol kuma ya fi alkohol irin su aisofurofanol da OH ɗinsu ke tsakiyar sarƙa. Haka abin yake idan rassan a jikin asid ɗin suke, kusa da kabonil.

Fita daga zango

Zango yana da oksijin uku, kuma furoton na iya sauka a kan kowane. Nan ne hanya ta rabu biyu. Idan ya sauka a kan oksijin na OCH2CH3, etanol ne zai fita, mu koma inda muka taso. Idan ya sauka a kan ɗaya daga OH biyun nan, ya mayar da shi OH2⁺, ruwa ne zai fita, mu wuce gaba. Mataki na huɗu ke nan: ɗora furoton a kan OH. Wasu littattafai suna haɗa na uku da na huɗu su ce “sauya wurin furoton”. Ba laifi, amma kada ka zana shi kamar furoton ɗin ya yi tsalle kai tsaye daga wannan oksijin zuwa wancan. Etanol ɗin da ke kewaye ne ke karɓa a nan ya bayar a can.

Me ya sa sai an ɗora furoton kafin OH ya fita? Domin HO⁻ ba mai tafiya da daɗin rai ba ne. Bes ne mai ƙarfi, yana riƙe kabon gam. Ruwa kuwa molekul ne mai zaman kansa, ba caji, ba buƙatar komai, da an sake shi sai ya tafi.

Mataki na biyar, ruwa ya fita. Nan ma kibiya biyu ce: ɗaya daga tagwayen OH ɗin da ya rage, ta sauko ta sake ƙulla C=O, ɗaya daga ɗaurin C–OH2⁺ zuwa kan oksijin ɗin ruwan. Lura cewa turo shi aka yi, ba faɗuwa ya yi don kansa ba. Kabon ya koma shimfiɗe. Abin da muke da shi yanzu esta ce mai furoton a kan kabonil.

Mataki na shida, etanol ko ruwa ya zare wannan furoton. Esta ta fito, H⁺ kuma ya dawo kamar yadda aka aro shi. Wannan ne ma'anar cewa asid katalis ne: sau biyu aka ɗora furoton, sau biyu aka cire. Ƙirga su a takardarka. Idan lissafin bai tashi biyu da biyu ba, akwai matakin da ka tsallake.

Dawowa

Don warware esta da ruwa, wato haidurolisis, karanta matakan daga ƙasa zuwa sama. H3O⁺ ya ɗora furoton a kan kabonil na esta. Ruwa ya kai hari kan kabon. An zare furoton daga ruwan da ya shigo, sai ga mu a zangon nan dai, CH3C(OH)2(OCH2CH3), ba wani ba. An ɗora furoton a kan oksijin na OCH2CH3. OH ya turo, etanol ya fita. An zare furoton na ƙarshe, asid asetik ya bayyana. Ba sabon abin haddacewa a ciki.

Ta yaya aka san haka ne?

Ba wanda ya taɓa ɗebo wannan zango a kwalba, don ba ya daɗewa. Gwaji biyu ne suka kama shi, kuma dukansu da oksijin mai nauyi, ¹⁸O, aka yi su, wanda yake kamar shaidar da ake yi wa tunkiya kafin a sake ta cikin garke.

A 1938 Irving Roberts da Harold Urey suka haɗa asid benzoyik da metanol mai ɗauke da ¹⁸O. Da an ce OH na alkohol ne ke fita, da alamar ta ɓulla a cikin ruwa. Sai aka same ta a jikin esta. Wato oksijin ɗin alkohol yana nan tare da kabon ɗinsa, OH ɗin da ya zama ruwa daga asid ya fito. Dubi matakanmu, haka suka nuna: ɗaurin da ke tsakanin CH2 da O na etanol ba a taɓa shi ba daga farko har ƙarshe.

Sai dai wannan bai tabbatar da zango ba tukuna. Mai gardama zai iya cewa alkohol ya shigo ne ruwa ya fita a lokaci guda, ba tsayawa. Myron Bender ne ya rufe wannan ƙofa a 1951, kuma a ganina gwajinsa ya fi kowane kyau a wannan babi. Ya ɗauki esta, etil benzoyet, wadda oksijin ɗinta na kabonil ¹⁸O ne, ya fara warware ta a ruwa na yau da kullum, ya tsayar da aikin a tsakiya, ya tattara estar da ba ta riga ta warware ba. Da ya auna sai ya ga alamar ta ragu a jikinta. To, estar da ba ta warware ba, ina ta kai alamarta? Ta je zango ta dawo. A zango OH biyu ne, ɗaya mai alama, ɗaya daga ruwa, kuma ba abin da ya bambanta su. Idan zangon ya koma baya, kowanne a cikinsu na iya fita a matsayin ruwa. Duk lokacin da mai alamar ne ya fita, esta ta dawo da oksijin na yau da kullum. Da shiga da fita a lokaci guda ake yi, da wannan musaya ba ta samu wurin faruwa ba.

Wa ke zaɓar inda za a nufa?

Tunda kowane mataki na iya komawa baya, asid ba ya zaɓar ɓangare. Sauri kawai yake ƙarawa, zuwa da dawowa baki ɗaya. Yawan kayan da ke cikin tulun ne ke yanke hukunci. Ga wannan haɗi namu, lambar daidaito K tana wajen 4. Mu ce ka fara da mol 1 na asid da mol 1 na etanol, x kuma shi ne estar da ta samu:

```
x² / (1 − x)² = 4
x / (1 − x) = 2
x = 2/3
```

Kashi 67 cikin ɗari ke nan. Giram 60 na asid da giram 46 na etanol, da sun juye duka, giram 88 na esta za su bayar, amma a wajen giram 59 za a tsaya, ko da ka kwana kana dafawa. Idan ka sa mol 3 na etanol, lissafin x² = 4(1 − x)(3 − x) zai ba ka kusan kashi 90. Da mol 10 kuwa kusan 97. Lura yadda ribar ke raguwa: daga 1 zuwa 3 ka samu ƙarin kashi 23, daga 3 zuwa 10 ƙarin 7 kacal.

Juya lissafin. Mol 1 na esta da mol 1 na ruwa, kashi ɗaya cikin uku ne kawai zai warware. Da mol 10 na ruwa, wajen kashi 75. Shi ya sa ake yin haidurolisis a cikin asid mai ruwa-ruwa da yawa, ake kuma haɗa esta da kayan da ba ruwa a cikinsu. Wata shekara da asid asetik ya ƙare mana, wasu ɗalibai suka kawo shawarar a sayo ruwan kal a kasuwa a yi da shi. Na bar su suka gwada. Ruwan kal wajen kashi 95 cikin ɗari ruwa ne, wato sun cika tulun da abin da ke tura haɗin baya. Suka dafa, suka sansana, tsami dai suka ji.

A kan tebur

Don ƙaramin gwaji, auna mililita 15 na asid asetik marar ruwa da mililita 15 na etanol marar ruwa. Kowanne ya kama wajen rubu'in mol, saboda haka daidaito zai ba ka wajen giram 15 na esta kafin asarar wanki. Zuba su a tulun gilashi, ka ɗiga mililita 1 zuwa 2 na H2SO4 mai kauri a hankali kana juyawa, da tabarau da safar hannu. Jefa 'yan tsakuwoyin hana tafasar tsalle. Kafa kondensa a tsaye don tururin ya riƙa komawa, ka dafa a cikin ruwan zafi rabin awa zuwa awa ɗaya. Kada a kusanto da harshen wuta: etanol da estar duka masu kamawa ne. A watan Afrilu, ruwan tankin da ya wuni a ranar Katsina ɗumi gare shi, ba ya sanyaya kondensa yadda ya kamata. Idan ƙamshi ya cika ɗakin, ba alamar nasara ba ce, estarka ce ke gudu ta sama. Nemi ƙanƙara ka sanyaya ruwan.

Idan ruwan cikin tulun ya fara yin baƙi, asid ya yi yawa ko zafi ya wuce kima. H2SO4 mai kauri yana da wasu ayyukan da yake yi wa etanol: a wajen digiri 140 yana mayar da shi sinadarin dayetil ita, a wajen 170 ya mayar da shi iskar etin, CH2=CH2. Ruwan zafi ba ya wuce 100, wannan ma wani dalili ne na amfani da shi.

Ga shawarar da lissafi kaɗai ba zai ba ka ba. Idan kana son ƙara yawan estar, asid asetik za ka ƙara, ba etanol ba. A lissafi duk ɗaya ne, amma etil asetet yana tafasa a digiri 77, etanol a 78, tacewa da tururi ba za ta raba su ba. Asid asetik kuwa sai 118, kuma ragowarsa ruwan NaHCO3 yana wanke ta cikin sauƙi. Wajen wannan wanki, riƙa buɗe famfon mazurarin rabawa bayan kowace girgiza, don iskar CO2 na taruwa har ta cilla murfi. Estar ce ke sama, ruwa a ƙasa. Kada ka bar ta ta kwana da ruwa mai asid, ka riga ka san hanyar da za ta kama.

Idan warwarewar kake son gani da ido, zuba ɗan etil asetet a cikin HCl mai ruwa-ruwa, ka riƙa ɗibar mililita 5 kowane minti goma, ka juye a ruwan ƙanƙara don aikin ya tsaya, ka yi taitireshan da NaOH. Adadin NaOH ɗin zai riƙa hawa. HCl ɗin yana nan yadda yake tunda katalis ne, ƙarin duka na asid asetik ne da ake haifarwa.

Inda wannan zane ba ya aiki

Kada ka kai shi wajen masu sabulu. Matar da ke dafa mai da soda ko ruwan toka ita ma esta take warwarewa, kuma ta wani zango mai siffar murhu take bi, amma a can HO⁻ ne ke kai hari, ana cinye shi, kuma asid ɗin da ya fito nan take yake rasa furoton ya zama gishiri, wanda alkohol ba ya iya kai wa hari. Wannan tafiya ba ta da dawowa.

Sai kuma alkohol mai rassa uku a kan kabon da ke riƙe da OH, irin (CH3)3COH. Wannan ba ya samun wuri a murhun, kuma idan ka dafa shi da asid, ruwa yake zubarwa ya zama alkin mai ɗaurin C=C. Estarsa ma, CH3COOC(CH3)3, idan ta haɗu da asid ba ta bi ta zango. Bayan furoton ya sauka a kabonil, ɗaurin da ke tsakanin oksijin da kabon mai rassa uku ne ke tsinkewa, (CH3)3C⁺ ya fita, don rassan nan uku suna taya shi ɗaukar cajin. Idan aka yi wannan a ruwa mai ¹⁸O, alamar a jikin alkohol take ɓulla, ba a jikin asid ba, akasin abin da etil asetet zai nuna. Saboda haka idan aka ba ka esta a jarrabawa, fara duba kabon da ke maƙale da oksijin ta ɓangaren alkohol, ka ƙirga rassansa kafin ka zana kibiya ta farko.